Daidaita littafin kuɗi da takardar banki

Daidaita littafin kuɗi da takardar banki, wanda kontabul a Nijar suka fi sani da raproshiman, aiki ne na ajiye lissafi biyu kusa da juna, na ɗan kasuwa da na bankinsa, a bi su layi-layi har a gano abin da ya raba su. Na ɗan kasuwa shi ne littafin shiga da fita, ko karne ne ko cikin na'ura. Na banki kuwa shi ne relebe, takardar nan da ke fitowa ƙarshen wata. Ba kasafai sauran kuɗin da ke ƙasan takardun biyu ke zuwa ɗaya ba, kuma wannan kaɗai ba ya nufin an ci kuɗi.

Asali

Aikin ya samo tushe daga lissafi mai gefe biyu, inda kowane kuɗi ake rubuta shi wuri biyu, inda ya fito da inda ya shiga. Ƴan kasuwar Italiya sun yi ta aiki da shi, ana jin tun wajen ƙarni na 13 ko na 14, kafin Luca Pacioli ya buga bayaninsa a Venis a 1494. A Nijar tsarin da ake bi yau ya biyo ta yarjejeniyar OHADA, ta daidaita dokokin kasuwanci tsakanin ƙasashen Afirka, da aka sa wa hannu a Port-Louis a 1993, sannan tsarin lissafi na SYSCOA ya fara aiki a 1998 a ƙasashen UEMOA, masu kuɗin sefa na Afirka ta Yamma, shi kuma tsarin lissafi na OHADA, wato SYSCOHADA, da aka yi wa gyara ya fara a Janairun 2018. A wannan tsari asusun bankunan cikin gida lambarsa 521, na kes yana ƙarƙashin 57, kuɗin da ke hanya tsakanin kes da banki yana bi ta 585, cajin banki kuma 631. Dokar ta ce a ajiye littattafai da takardun shaida shekara 10, abin da yawancin masu mangaza ba sa tunawa sai ranar da aka nemi resin bara.

Abin da ke rikita sabon kontabul shi ne gefen takardun a juye suke. Kuɗin da ya shiga asusu, a littafinka debi ne, wato gefen hagu, a relebe kuwa kiredi ne, gefen dama, don shi banki bashi ya ɗauke shi da kake bin sa.

Yadda ake bi

Ana farawa da sauran watan jiya. In ba a daidaita wancan ba to duk abin da za a yi yanzu aikin banza ne, don giɓin yana can baya kana nemansa gaba. Daga nan a ɗauki bik a riƙa sa alama, kowane layi na littafi a nemo ɗan'uwansa a relebe, adadi da adadi, ba a wadatu da kwanan wata ko sunan mutum ba. Abin da ya rage babu alama kashi biyu ne. Akwai wanda ke littafi banki bai gani ba tukuna, kamar shek da aka ba mutum bai je ya karɓa ba, shi wannan ba a taɓa littafi dominsa, a takardar daidaitawa kawai ake cire shi daga sauran banki. Akwai kuma wanda ke relebe littafi bai sani ba, kamar caji da agiyo, wato ruwan da banki ke cira in ka ci fiye da abin da ke asusu, ko kuɗin da wani ya turo bai faɗa ba, shi kam dole a shigar da shi littafi.

Misali

A ɗauka wani mai sayar da aya da riɗi ne a Maraɗi, ƙarshen Maris littafinsa na cewa akwai sefa 3,415,000 a banki, relebe na cewa 3,702,500. Banki ya fi da 287,500, sai maigida ya ji daɗi ya ce ai ma kuɗi ya ƙaru, alhali akwai ɓaraka a ciki. Kontabul ya ga shek na 450,000 da aka ba mai kamiyo ranar 28 ga wata bai fito a relebe ba, da ya cire shi sauran banki na gaskiya ya koma 3,252,500. Sannan ga cajin banki 11,500 da babu a littafi, ya shigar, littafi ya koma 3,403,500. Yanzu lamarin ya juye, littafi ne ya fi banki da 151,000, wato jika 151 da maigida ke zaton yana da su amma babu.

Nan ne aka saba gwada dabaru biyu. Ta farko a raba giɓin biyu, don in an rubuta kuɗin fita a gefen shiga kuskuren ninki yake yi. Rabin 151,000 shi ne 75,500, aka duba babu irin wannan adadi ko'ina. Ta biyu a raba da 9, don in an juya lambobi biyu, kamar a rubuta 63 maimakon 36, bambancin kullum yana rabuwa da 9 ba saura. Shi ma bai yi ba. Da yawa nan suke fara kallon yaron da ke kai kuɗi banki, kuma gaggawa ce, don dabarun nan kuskure ɗaya tak suke kamawa, in biyu suka haɗu cikin giɓi guda galibi duk su biyun sai su ƙi aiki.

Sai aka koma ga alamomin, wannan karo ana duba gefe, ba adadi kaɗai ba. Aka tarar da kuɗin wuta 62,000 an sa masa alama lafiya lau tunda adadin ya yi daidai da na relebe, amma a gefen shiga yake zaune. Gyaransa ya ci 124,000, saura 27,000. Wannan kam ya rabu da 9, ya ba da 3,000, kuma amsar tana nuna wuri: lambar dubbai ce da ta kusa da ita ta hagu suka yi musaya, tazararsu 3. Ba a jima ba aka ga zubin ranar 17, resin banki na cewa 458,000, littafi na cewa 485,000, ido ya wuce shi karon farko don lambobin duk su ne. Da aka cire 124,000 da 27,000 daga 3,403,500 sai ga 3,252,500, daidai da na banki. Ko dala ba ta ɓata ba.

Ita ma sifiri da aka ƙara ko aka manta tana faɗawa cikin dabarar 9, kamar 50,000 da aka rubuta 5,000, bambancin 45,000 ne.

Iyaka

Daidaitawa ba ta ganin kuɗin da bai shiga ko ɗaya daga takardun biyu ba. In an sayar da buhu 10 hannu da hannu ba a rubuta ba kuma ba a kai banki ba, lissafi zai fito tsaf, sai ƙirgar kaya a mangaza ce za ta tona. Haka kuskure biyu masu adadi ɗaya da suka soke juna. A Maraɗi akwai ƙarin matsala ta naira, wanda ya yi ciniki da mutanen Jibiya ko Katsina ya rubuta da canjin safe aka canza masa da na yamma, sai ƴan kuɗi su riƙa zubewa ba lambar da ta juye, maganinsa a rubuta canjin da aka yi aiki da shi a gefen kowane layi.

Game da ƙaramin giɓin da aka rasa kansa, wasu na ajiye shi asusun jira har a gano tushensa, wasu na ganin hakan ɓoye shara ne ƙarƙashin tabarma. Shek da ya kwana wata biyu ko uku yana bin takardar daidaitawa bai fito ba, a kira mai shi a ji ko yana hannunsa.