Launi a Faranti da Teburin Biki

Girkina yana da daɗi, amma idan na zuba a faranti ba ya ba da sha'awa. Ina matsalar take?

Yawanci launi ɗaya ne ya mamaye farantin. A ce farar shinkafa ce da gasasshiyar kaza da soyayyen dankali. Duka ukun tsakanin fari suke da ruwan ƙasa, ido bai samu inda zai tsaya ba. Ba sai an canza girkin ba. A rage dankalin, a sa koren wake a gurbinsa, kamar kashi ɗaya cikin huɗu na farantin, sannan a jera yankan tumatir biyu ko uku kusa da shi. Ja da kore suna fito da juna idan suka yi maƙwabtaka. Launi uku sun isa. Idan aka kai biyar ko shida, farantin ya zama hayaniya. A bar bakin farantin babu komai, a goge duk miyar da ta ɗiga.

Koren wake da alayyafona suna dusashewa kafin baƙi su zauna. Me ke jawo haka?

Abu biyu: daɗewa a wuta, da tsami. Dukansu suna lalata sinadarin da ke ba ganye korensa, sai ya koma kore mai duhu-duhu, kuma idan ya koma ba ya dawowa. A bari ruwa mai yawa ya tafasa da gishiri, a zuba koren waken ya yi minti 2 zuwa 3 ba tare da an rufe tukunya ba, a kwashe a tsunduma cikin ruwan ƙanƙara, a tsane. Alayyafo kuwa ko minti ɗaya ya yi masa yawa. Lemun tsami sai an zo kai wa tebur ake matsawa, ba tun a kicin ba.

Wasu na jefa bekin soda don koren ya tsaya. Yana tsayawa kam, amma ganyen yana yin laɓo-laɓo, ni dai ban ga ribar hakan ba. Jan kabeji shi akasin haka yake: tsamin ne ke riƙe masa ja, in babu shi sai ya karkata zuwa shuɗi. Tuffa da aka yanka ma ruwan lemun tsami ke hana ta yin ruwan ƙasa da wuri.

To a teburin biki fa, yaya zan jera kwanuka?

Kada kwano biyu masu launi iri ɗaya su zauna gefe da gefe. A raba nama da nama da kwanon salak ko na 'ya'yan itace. Mayafin tebur ya zama marar zane, abinci mai duhu a farin kwano, mai haske a kwano mai duhu. A duba teburin a ƙarƙashin fitilar da za a kunna ranar, domin fitila mai shuɗi ko kore tana sa nama ya yi kamar ya kwana.