Auna kundin ƙa'idojin jinya kafin ka ce a bi shi a takardar semina

Malam, ina rubuta takardar semina a Gombe kan jijjigar masu ciki. Kundin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 na ɗauka. Sunan hukumar bai isa hujja ba?

Bai isa ba, ɗalibi. Masu sauraronka za su tambayi yadda aka haɗa kundin, kuma ma'aunin da aka saba amfani da shi shi ne AGREE II. Tambayoyi 23 ne a rukuni shida, kowace ana ba ta maki daga 1 zuwa 7. Fara da rukuni na uku, mai tambayoyi takwas: ina aka nemo binciken da aka dogara da su, me ya sa aka ɗauki wasu aka bar wasu, shin masana na waje sun duba, yaushe za a sabunta. Amsar sau da yawa tana can a rataye a ƙarshen kundin, inda ɗalibai ba sa leƙawa.

Kada ka auna kai kaɗai. Mutum biyu ne mafi ƙaranci, huɗu sun fi. A ce ku biyu ne, makinku a rukunin ya haɗu 70. Mafi yawan abin da za ku iya bayarwa 112 ne, mafi ƙaranci 16:

```
(70 - 16) / (112 - 16) = 56%
```

Kowane rukuni da nasa lissafin, ba a tara su wuri ɗaya. AGREE II bai yanke makin ci ba, saboda haka in ka sa naka, faɗi dalili.

To in maki ya yi kyau, sai in ce a bi?

Da sauran aiki. Shawarwarin da ke cikin kundi ɗaya ba ƙarfinsu ɗaya ba. Bai wa mai ciki da hawan jininta ya tsananta allurar maganiziyam salfet don kare jijjiga shawara ce mai ƙarfi, hujjarta ma haka. Gwajin Magpie na 2002, kan mata kusan dubu goma, yana bayanta. Amma shawarar a yi allurar farko kawai a tura mace babban asibiti, hujjarta mai rauni ce ƙwarai, kuma kundin bai ɓoye ba.

Sai ka kawo maganar gida. Tsarin Zuspan na bayar da maganiziyam salfet yana son giram ɗaya kowace awa ta jijiya, a hankali, abin da ke da wuya in babu na'urar daidaita ƙarin ruwa. Tsarin Pritchard kuwa giram biyar ne a tsokar ɗuwawu duk awa huɗu bayan allurar farko. Kafin kowane maimaici sai an ƙirga numfashi, an buga gwiwa a ga ƙafa ta motsa, an auna fitsari, ga kalsiyam gulukonet a kusa ko da magani ya yi yawa. Ƙaramin asibiti a Dukku ko Nafada, mai ungozoma ɗaya da dare, zai iya? In ba zai iya ba, rubuta ƙarara cewa shawarar mai raunin hujja ita ce za ta yi aiki a can, sannan ka ƙiyasta awa nawa mota za ta yi kafin ta kai mace Gombe.