Lafazin imel a wurin aiki: zuwa ga oga, abokin aiki da na ƙasa

Lafazin imel shi ne yadda mai rubutu ke sauya maganarsa gwargwadon matsayin wanda zai karanta, ko da buƙatar ɗaya ce. Gaisuwa na canzawa, tsawon saƙo ma haka, amma abin da ya fi motsi shi ne wa aka bar wa yanke hukunci.

A ɗauki misalin rahoton wata da za a miƙa ranar Alhamis ƙarfe 12. In oga ake rubuta wa, hukuncin nasa ne, don haka ba a ba shi wa'adi kai tsaye, sai dai a nuna masa inda wa'adin ya fito: "Ranka ya daɗe, ga rahoton nan a haɗe, sa hannunku kawai ya rage. Sashen kuɗi za su rufe karɓa ranar Alhamis ƙarfe 12." Buƙatar na layin farko saboda oga yawanci a waya yake dubawa tsakanin mitin da mitin, in aka cika sakin layi biyu da ban haƙuri da "in ba damuwa" to zai iya rufe saƙon bai ma gane me ake so ya yi ba. Ladabin ya yi yawa kenan, kuma alamarsa ita ce amsar da za ta dawo, "to me ake buƙata?"

Abokin aiki kuwa babu mai iko da wani, shi ya sa dalili ke maye gurbin umarni: "Don Allah turo min alƙaluman sashenku kafin Laraba da yamma, sai na haɗa su kafin oga ya sa hannu." Nan aka fi samun saɓani gaskiya, kalma ɗaya kamar "tabbatar ka turo" ta isa mutum ya ji ana masa oga-oga.

Na ƙasa ana gaya masa abu a fili, wane tebur zai gyara, a wane shafi, zuwa yaushe. Lulluɓe umarni da "ko za ka ɗan duba in ka samu lokaci" cutarwa ce, zai ɗauka ba gaggawa, ranar Alhamis kuma a ga laifinsa. Gajarta ma tana da nata haɗarin tunda rubutu ba ya ɗauke da murya ko fuska, "Zo ka same ni" daga oga na iya hana ƙaramin ma'aikaci sukuni, alhali ƙara "kan shafi na 3 ne" ya wadatar.

Akwatin CC, inda ake sa wanda ake so ya samu kwafin saƙo, shi ma yana canza lafazi ba tare da an taɓa kalma ko ɗaya ba. Tunatarwar da aka tura wa abokin aiki shi kaɗai tunatarwa ce, amma da zarar an sa ogansa a CC to ya karanta ta a matsayin ƙara.