Sanarwar Buɗe Kasuwanci: Abin da Edita Yake Nema

Tambaya: Malam, zan buɗe ɗakin sanyi na adana tumatir da kayan gwari kusa da kasuwar Farin Gada a nan Jos. Na aika wa jaridu sanarwa, amma babu wadda ta buga. A ina na yi kuskure?

Amsa: Alhaji, yawanci matsalar tana sakin layi na farko. Edita labari yake nema, kuma da zarar ya ga takarda ta soma da godiya ga manyan baƙi da kirarin "wanda babu irinsa a Arewa", sai ya ɗauke ta a matsayin talla, ita kuwa talla kuɗi ake biya kafin a buga ta. Labarinka shi ne asarar da dillalai suke yi idan kaya ya kwana bai samu mai saye ba. Duk wanda ya taɓa ganin kwandon tumatir ya soma tsiyayar da ruwa da yamma ya san zafin wannan asara.

Saboda haka jimlar farko ta faɗi wane ne, me zai yi, yaushe, a ina, da kuma dalili. Misali: "Za a buɗe ɗakin sanyi mai ɗaukar kwando 300 na tumatir kusa da kasuwar Farin Gada ranar Asabar da ƙarfe 10 na safe, domin rage asarar manoma da dillalai." Ka ƙara cikakken kwanan wata da sunan kamfanin kamar yadda yake a takardar hukumar rajistar kamfanoni, CAC. Bayan nan sai kuɗin ajiya a kowane kwando, da yawan ma'aikata, da abin da ka tanada idan an ɗauke wuta, domin wannan ce tambayar farko da ɗan jarida mai lura zai yi maka. Maganar da za a ambato daga bakinka ta zo sau ɗaya, gajeriya. Mafi muhimmanci ya kasance a sama, saboda idan fili ya yi kaɗan, daga ƙasa ake yanke rubutu. Shafi ɗaya ya wadatar.

Tambaya: To, wa zan aika wa, kuma yaushe?

Amsa: Ka nemi wakilan jaridu da ke Jos, kamar na Daily Trust da Aminiya, da kuma teburin labaran kasuwanci na Nigeria Standard, jaridar gwamnatin Filato. Ka shirya sanarwar da Hausa da Turanci, kowace ka rubuta ta daban, domin fassarar gaggawa takan ɓata adadi. Ka aika kamar mako guda kafin ranar, rubutun a cikin saƙon imel ɗin kansa, domin wanda aka ɗauka a hoto sai an sake buga shi da hannu. Ka haɗa da hotuna biyu na cikin ɗakin, sannan ka sa lambar wayar da za ka ɗauka da kanka ko da dare ne.