Wasiƙar mace ga mijinta kan barin shan taba

Wasiƙa ce da mace ke rubuta wa mijinta mai shan sigari tana roƙonsa ya bari saboda lafiyar mutanen gidan. Galibi akan kai ga rubutu ne bayan magana baki da baki ta sha ƙarewa da gardama, domin takarda ba a katse ta, kuma mutum yana iya sake karanta ta idan ransa ya yi sanyi.

Hujjar da ta fi ƙarfi a cikinta ita ce hayaƙin da wasu ke shaƙa alhali ba su suka kunna ba. Mai shan taba ya san tana yi masa illa, ya ji har ya gaji, amma sau da yawa yana zaton buɗe taga ko komawa wani ɗaki ya wadatar. Bai wadatar ba, hayaƙin yana bin iskar gida, yana kama tufafi da labule. A 1981 likitan Japan Takeshi Hirayama ya nuna cewa matan da mazajensu ke shan taba, waɗanda su ba sa sha, sun fi sauran mata kamuwa da ciwon dajin huhu. Ga yara kuwa hayaƙin yana tayar da asma, yana jawo ciwon kunne da namoniya, yana kuma ƙara haɗarin mutuwar jariri kwatsam cikin barci.

Wasiƙar da ke aiki takan tsaya kan abu ɗaya da matar ta gani da idonta, sannan ta nemi abu ɗaya da za a iya yi. Misali: "Baban yara, daren jiya sau uku na tashi saboda tarin auta, ƙirjinta har yana shewa. Ina roƙonka daga yau kada a ƙara kunna ta a gida ko a mota, ka kuma zaɓi ranar da za ka ajiye ta gaba ɗaya cikin makonni biyu masu zuwa. Ni zan raka ka wurin likita." Wasu kan ƙara da lissafi: kwali ɗaya a rana kara 20 ne, a shekara kara 7,300.

Inda aka fi kuskure shi ne ɗaukar lamarin a matsayin taurin kai kawai. Nikotin, sinadarin da ke cikin taba, yana kama jiki. Wanda ya bari yakan yi fama da saurin fushi, rashin barci da yawan jin yunwa, abin ya fi tsanani a kwanaki 3 na farko, ya lafa cikin makonni 2 zuwa 4. Cingam ko filastar nikotin, da magungunan da likita ke rubutawa, suna rage wannan wahala. Gori da barazana kuwa sukan sa miji ya koma sha a ɓoye, alamarsa warin taba a riga bayan ya ce ya bari. Yawancin waɗanda suka daina sai da suka gwada sau da dama, don haka wasu mata kan faɗa tun a wasiƙar cewa idan ya zame ya faɗa musu, a sake sa wata rana.