Inji biyu, aiki biyar: wanne za a fara sa wa zarto?

Salam. Ni kafinta ne a Katako nan Jos, ina da injin yanka da injin gogewa, kowane aiki sai an yanka kafin a goge. Kullum yaron gogewa zama yake da safe, da yamma kuma aiki ya taru masa, jen na ta shan mai. Akwai dabarar jera aikin ne ko haka abin yake?

Wa alaikumus salam Oga. Akwai dabara, kuma ba ta buƙatar komai sai biro da bayan kwali. Wani masanin lissafi ɗan Amurka, S. M. Johnson, shi ya fitar da ita a 1954, shi ya sa ake ce mata ƙa'idar Johnson, kuma ba shaci-faɗi ba ce, ya tabbatar da lissafi cewa in dai inji biyu ne kuma kowane aiki ta na farko yake bi kafin na biyu to babu jerin da zai riga nata gamawa.

Bari mu ɗauki aikin rana ɗaya. Ka ce aiki biyar ne a gabanka, ka rubuta mintin da kowanne zai ci a kowane inji:

Gado: yanka 60, gogewa 45
Benci: yanka 50, gogewa 20
Kanta: yanka 35, gogewa 10
Tebur: yanka 30, gogewa 55
Ƙofa: yanka 15, gogewa 40

In ka bi su yadda suka zo, wato gado a gaba ƙofa a baya, duba abin da zai faru. Mai gogewa zai zauna minti 60 cur yana danna waya kafin gado ya sauko daga zarto. Ya gama gado a minti na 105, ya jira benci har 110, ya gama a 130, ya sake jiran kanta har 145, minti goma ya share ta, sai kuma zaman jiran tebur har 175. Daga nan ne wahalarsa za ta fara, don mai yanka ya gama komai a minti na 190 ya kakkaɓe rigarsa, shi kuwa tebur zai kai shi 230 ƙofa ta kai shi 270. Awa huɗu da rabi kenan, a ciki minti 100 zama kawai ya yi. Ina jin wannan shi ne abin da kake gani kullum.

Yanzu ga dabarar. Ka zana gurbi biyar a jere. Ka duba duk lambobin nan goma ka nemo mafi ƙanƙanta, ko a wane ɓangare take. In a ɓangaren yanka take, aikin ya tafi gurbin farko da ba kowa. In a ɓangaren gogewa take, ya tafi gurbin ƙarshe da ba kowa. Ka soke aikin gaba ɗaya da lambobinsa biyu, ka sake dubawa a cikin sauran.

Mafi ƙanƙanta ita ce 10, gogewar kanta, don haka kanta ta koma can ƙarshe. Sai 15, yankan ƙofa, ƙofa ta zo farko. Sai 20, gogewar benci, shi ma baya zai tafi amma kanta ta riga ta kama gurbi na biyar sai ya zauna na huɗu. Sai 30, yankan tebur, ya bi bayan ƙofa a na biyu. Gado kaɗai ya rage, tsakiya ta zama tasa. Jeri ya fito: ƙofa, tebur, gado, benci, kanta.

Mu gwada. Ƙofa ta sauko a minti na 15, mai gogewa ya kama aiki, ya gama ta a 55. Tebur tun 45 yake ajiye yana jiransa, ya ɗauka ya gama a 110. Gado ya sauko a 105, shi ma yana jira, ya gama shi a 155, daidai lokacin da benci ke saukowa, ya gama benci a 175. Nan ne kawai zai ɗan huta minti 15 kafin kanta ta sauko a 190, ya goge ta, minti na 200 ka kashe jen. Yaran nan dai su ne, injin shi ne, ba wanda ya ƙara sauri, amma minti 70 sun dawo aljihunka. Kai ka san litar da jen ɗinka ke sha a awa, sai ka buga da kanka.

To amma me ya sa? Ni a tunanina ƙananan ayyuka ake fara kawarwa.

Haka yawancinmu muke yi, kuma ba laifi ba ne in burinka mutane su yi ta karɓar kayansu da wuri. Amma gwada shi a nan ka gani. In ka haɗa yanka da gogewa ka jera daga ƙarami, za ka samu kanta, ƙofa, benci, tebur, gado, kuma za ka tashi a minti na 235. Ya fi 270, amma da sauran tafiya kafin 200. Matsalar ita ce ka bar gado a ƙarshe, mai yanka ya gama a 190 sai kowa ya tsaya kallon mutum ɗaya yana gogar gado minti 45.

Asara biyu ce ba makawa a irin wannan shago. Da safe injin gogewa ba shi da abin yi sai aikin farko ya sauko. Da yamma injin yanka ba shi da abin yi har a goge aikin ƙarshe. Ba ka iya kashe su amma kana iya matse su, shi ya sa ake fara da mai gajeren yanka a rufe da mai gajeriyar gogewa. Akwai kuma abu na uku wanda ni shi ya fi burge ni. Ƙofa da tebur gogewarsu ta fi yankansu tsawo, don haka in sun wuce gaba aiki yana taruwa a gaban mai gogewa, kamar ka yi masa ajiya ne. Wannan ajiyar ce yake ci lokacin da zarto ya maƙale a kan gado minti 60. Da gado ne a gaba ba ajiyar da zai ci, sai zama.

Yaya zan san cewa 200 ɗin ne ƙarshe, ba wani jerin da zai fi shi?

Aiki biyar ana iya jera su hanya 120, in sun kai goma hanyoyin 3,628,800 ne, ba mai gwada su ɗaya bayan ɗaya. Amma ga gwaji mai sauƙi. Haɗa duk mintin yanka, 190 ne, ko ta yaya ka jera sai zarto ya yi wannan aikin. Bayan ya gama dole a goge aikin ƙarshe, gogewa mafi gajarta kuwa 10 ce. Kenan ƙasa da 200 ba zai yiwu ba, mu kuma 200 muka samu. Ta ɗaya gefen ma ana yi, duk gogewa 170 a tara da yanka mafi gajarta 15 ya ba da 185, sai ka ɗauki wanda ya fi girma a cikin biyun. Ba kullum jerin Johnson ke faɗawa daidai kan wannan lamba ba, wani lokacin zai ɗan haura, kuma ko ya haura shi ne dai mafi kyau. Amfanin lissafin shi ne ya nuna maka injin da ya riƙe maka wuya. A nan zarto ne, ko ka sayi injin gogewa sabo fil ba abin da zai ragu sosai.

In lambobi biyu suka zo daidai fa? Kuma ni kiyasi nake yi, ba agogo nake riƙewa ba.

In sun yi kunnen doki ɗauki duk wadda ka ga dama, lokacin gamawa ɗaya ne. Kiyasi kuma bai cika ɓata jeri ba, don abin da ake dubawa wa ya fi wa ne. Yankan gado ko 60 ne ko 75, tunda ya fi gogewarsa tsawo, gurbinsa bai motsa ba. Inda za ka kula shi ne aikin da lambobinsa biyu ke kusa da juna, ko katako ɗanye da ke cije zarto ya mai da minti 15 ya zama 40. Ka riƙe agogo sati ɗaya kawai, za ka sha mamakin yadda ido ke ƙarya.

Mai benci ya matsa, ya ce da safe zai turo mota. Sai in karya jerin?

Karya shi mana, ƙa'idar ba ta san kwastoma ba, lokacin kashe jen kawai ta sani. Ka lura ma mai kanta da zai samu kayansa a minti na 155 a tsohon jeri yanzu sai 200, in mai faɗa ne ka shirya. Abin yi shi ne ka sa benci a gaba, sauran huɗun ka bar su yadda ƙa'ida ta jera su: benci, ƙofa, tebur, gado, kanta. Na buga, 220 ya ba ni. Kenan alfarmar da ka yi masa minti 20 ta ci, yanzu ka san farashinta, kai za ka yanke ko ya cancanta.

Akwai inda dabarar ba ta aiki?

Akwai, kuma na farko shi ne wanda na fi gani: mutum ɗaya ke kama inji biyun. In yaron gogewa bai zo ba kai ne nan kai ne can, to 190 da 170 za ka haɗa, minti 360, jera su yadda kake so ba abin da zai canja. Duk ribar daga injuna biyu su yi aiki lokaci guda take fitowa.

Na biyu saiti. In canja zarto ko daidaita kauri ya danganta da aikin da ya gabata, misali daga katako mai inci biyu ka koma falanki sai ka kwance ka ɗaure, to lambobinka ba tsayayyu ba ne kuma, tabbacin Johnson ya faɗi. Nan sai ka fitar da jerin, ka zauna ka ƙara mintin saiti da hannu, ka gwada haɗa masu kauri ɗaya ka ga wanne ya fi. Sannan dole kayan duka suna ƙasa tun safe, aikin da katakonsa sai azahar zai iso ba ya shiga lissafin safe, in ya iso sai a sake jeri da abin da ya rage. Kuma ka tanadi wurin jingine abin da aka yanka, don in shago ya cushe har mai yanka ya tsaya jiran a ɗauke masa, ajiyar nan da muka yi magana ta tashi.

In kuma ka ƙaro inji na uku, a ce fenti, magana ta canja. Tun 1976 masana suka nuna cewa inji uku yana cikin matsalolin lissafi masu wuyar gaske, ba wata gajeriyar ƙa'ida irin wannan da aka sani. Sai dai Johnson ya bar ƙofa ɗaya: in injin tsakiya mai sauri ne, har aikinsa mafi tsawo bai wuce mafi gajarta na injin farko ko na ƙarshe ba, sai ka haɗa mintin na farko da na tsakiya su zama lamba ɗaya, na tsakiya da na ƙarshe su zama ta biyu, ka jera kamar inji biyu ne. A shagonka gogewar tebur 55 ce yankan ƙofa 15, ka ga ta wannan gefen sharaɗin bai cika ba, sai in kowane fenti zai kai minti 55 ko fiye.