Hatimin Faransa a jikin tsohuwar azurfa: abin da yake faɗa da abin da ba ya faɗa

Jiya a kasuwa wata hajiya ta kawo wa maƙerin da nake zama wurinsa cokula biyu, wai cikin adakar kakarta ta same su, tun na zamanin Nasara, tana so a narke a yi mata awarwaro. Ya ce "Hajiya dakata mu duba bayansu tukuna", ya ɗauko madubin nan mai ƙara girma.

To ga yadda abin yake. Tun 1797 dokar Faransa ta ce kayan zinariya da azurfa ba a kai su kasuwa sai da hatimi, tun 1838 kuma hatimi biyu ne. Ɗaya na maƙeri, shi yake bugawa da kansa. Ɗaya na hukuma, bayan an gwada ƙarfen an ga ya kai. Dokarsu ce fa, ba ta Nijar ba, saboda haka zoben da maƙerin unguwa ya yi ko sarƙar Dubai kar ka ce jabu ne don ba ka ga hatimin ba.

Cokali na farko akwai kan mace da hular kwano, ɗan mitsitsi, sunanta Minerve. Wannan shi ne hatimin hukuma na azurfa tun 1838. Kusa da goshinta lamba 1, ma'ana daraja ta farko, kuma kafin 1973 daraja ta farko 950 ce cikin 1000. Da 2 ce, da 800 ke nan. An ɗora a sikeli giram 60, kun ga azurfa zalla giram 57 ke ciki, sauran 3 gami ne don ya yi ƙwari.

Wajen shekara ne mutane ke ruɗewa. Minerve ba ta faɗa maka shekarar da aka yi abu, tazara kawai take ba ka. A 1973 aka sauko da daraja ta farko zuwa 925, aka kuma fara ƙara harafi cikin hatimin, A na shekara goman farko, sai B, haka haka. Na hajiya babu harafi, ke nan tsakanin 1838 da 1973, shekara 135, ai wannan ba amsa ba ce. Abin da ke matse tazarar shi ne hatimin maƙerin, wanda dole a buga shi cikin siffar daiman ta kati, da haruffan sunansa da wata ƴar alama tasa, tauraro ko tsuntsu ko makamancin haka. Kowane maƙeri sai ya yi rajistar hatiminsa, in ya bar aiki a soke, to in ka gano mai shi cikin kundin rajistar ka san shekarun da ya yi aiki, cokalin yana cikinsu. Amma haruffa kaɗai ba sa isa, maƙera da yawa haruffansu ɗaya, sai alamar ma ta dace. Ingila kam sun fi sauƙi, hatimin zaki na nufin 925, kuma kowace shekara da harafinta.

Cokali na biyu ya fi ƙyalli wallahi, shi hajiya ta fi sa wa rai. Babu Minerve. Hatimin maƙerin murabba'i ne, gefe kuma an buga 84. Murabba'i a dokar yana nufin ƙarfe ne aka yi wa ruwan azurfa, 84 ɗin kuma giram ɗin azurfar da aka shafa wa saiti duka ne, cokula 12 da masu yatsu 12, wato kowane ɗaya giram 3 da rabi. Da aka duba gindinsa inda yake gogar faranti har wani launi daban ya fara leƙowa.

Zinariya ma haka, kan mikiya na nufin 750, karat 18. In ka ga mujiya, kaya ne da ba a san asalinsa ba, hukuma ta gwada ta ga zinariya ce, amma ba ta ce a Faransa aka ƙera shi ba. Lamba tsirara kuwa, 750 ko 925 babu hoto, wannan kowa na iya bugawa.

Hatimin ma ana cuta da shi. Na gaskiya bugawa aka yi, gefensa kaifi. Wanda aka yi zubi daga tsohon kaya yakan fito dishi-dishi, kamar ya narke. A sarƙa kuma ka duba ko maƙullin ne kawai mai hatimi aka liƙa da walda. Shi ya sa maƙerinmu ko ya ga mikiya sai ya goga a dutse ya ɗiga asid.

Hajiya dai ta fasa narke na farkon, ta ce a ɗauki hoton daiman ɗin a tura wa ɗanta da ke karatu a Yamai ya bincika. Na biyun ta ce da shi za ta riƙa shan fura.